Kuɗi hannu da cika mota: Yadda 'yan sari ke karya farashin albasa a Galmi da Tsarnawa

Daga watan Maris zuwa Afrilu, duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, zai riƙa ganin abu guda a gefen titi: jerin buhunan albasa a tsaye, kowanne an tula masa kai har ya fi ƙarfin bakinsa, an ɗinke da wani ƙyalle da ake kira hula. A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, da kuma Galmi a gundumar Malbaza, manyan motoci ne ke tsayawa suna jiran lodi zuwa Akara da Kumasi da Abijan da Lome da Kwatano.

Wannan yanki ne ya bai wa albasar nan mai launin shunayya sunanta, wadda ake kira Violet de Galmi, kuma a shekarar 2021 ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallaka a Afirka ta yi mata rajista a matsayin amfanin gona na wannan wuri. Sai dai shahara ba ta yanke farashi. Ana yanke shi ne a bakin garka ko a inuwar mota, tsakanin manomi da dillali da ɗan sari, kuma a mafi yawan lokuta abubuwa biyu ne ɗan sari ke ɗorawa a faifai idan yana son ragi: zai kwashe kayan duka, ko kuma zai biya yau.

Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, ragin da ake samu ta waɗannan hanyoyi biyu ba kyauta ba ne. Wani nauyi ne ke tashi daga kan manomi ya koma kan mai saye, kuma ragin shi ne ladan ɗaukar nauyin. Idan nauyin ya fi ladan, ɗan sari ya faɗi alhali yana ganin ya ci kasuwa.

Abin da ke sa manomi ya sassauta

Manomin albasa yakan kai lokacin girbi da bashi a wuyansa. Ya sayi iri ko dashe, ya sayi taki, ya shafe watanni yana zuba wa injin ban ruwa mai ko gas, ga 'yan ƙwadagon da suka yi cira suna jiran haƙƙinsu. Damina kuma na tafe, gonar gero na jiran nata kuɗin. Duk maƙwabtansa a kwarin Maggiya, da na filayen noman rani na Ƙonni, da na kwarin Badagishiri a gundumar Illela, suna cire albasa a makonni ɗaya da shi. Shi ya sa farashi ke faɗuwa ƙasa warwas a wannan lokaci, ya kuma tashi ya ninka a ƙarshen shekara idan kaya suka yi wuya.

Yana iya ajiyewa, ba shakka. Akwai rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta riƙa ratsa albasar. Amma albasa a rudu tana ramewa, wata ta ruɓe, wata ta yi tsiro idan iskar damina ta kaɗa. Ajiya tana buƙatar mutumin da ba ya neman kuɗi yanzu, kuma irin wannan manomi bai da yawa.

Ɗan sari ya san wannan duka kafin ya sauko daga kan babur. Ya kuma san wani abu na biyu: cinikin albasa ya daɗe yana tafiya a kan bashi. Fatake da dama kan ɗauki kaya da alƙawarin biya idan mota ta isa ta sauke an sayar, abin da kan ɗauki makonni. Idan mota ta lalace a hanya, ko kasuwar can ta cika, ko kayan suka ruɓe, labarin da ke dawowa gida ba kuɗi ba ne, ban haƙuri ne da neman a rage. Manomin da ya taɓa cin karo da haka, idan ya ga damin kuɗi a gabansa, ba ya lissafa shi daidai da alƙawari.

Yadda cinikin ke gudana

Domin a ga lissafin a fili, a ɗauki misalin wani ɗan sari daga Ƙonni da ke son cika mota da buhu 300. Alƙaluman na misali ne, don farashin gaskiya na sauyawa daga safiya zuwa yamma. A ƙidayar kasuwar Nijar, jika ɗaya ita ce sefa 1,000.

A ce ran nan ana sayar da buhun zaɓaɓɓiyar albasa jika 15 a tasha, kuɗi hannu. Wanda zai ɗauka bashi na mako uku kuwa, jika 16 ake yi masa.

Ɗan sari ba ya tunkarar manomi kai tsaye. Yakan sauka wurin dillalinsa, wanda ya san garkar kowa, ya san wanda ya gama cira da wanda ke da biki ko bashi a gaba. Dillali ne ke kai shi, shi ne kuma shaida, yana karɓar la'adarsa a kan kowane buhu. Bayan gaisuwa, ba a fara da maganar kuɗi. Ana fara duba kaya: a tona tsibi daga tsakiya, a matsa wuyan albasa a ji ko ya bushe, a duba ɓawo, a tambayi ranar da aka yanke ruwa da ranar da aka cire.

Sai a zo taya. Gogaggen ɗan sari ba ya fito da makamansa biyu a lokaci guda. Yakan fara tambayar yawan kayan, ya nuna cewa idan an daidaita ba zai bar ko ƙwaya ba. Ya taya jika 13. Manomi ya ce albarka. A ja, a saki, dillali ya sa baki, ya ce wa wannan ya ƙara, ya ce wa wancan ya duba zumunci. Idan magana ta tsaya a jika 14 da rabi ta ƙi gaba, a nan ne mai saye ke fito da na biyun: ba sai mota ta dawo ba, kafin la'asar za a ƙirga kuɗin. Da wannan ake cire rabin jikar da ta rage. Manomi ya sallama a jika 14, a yi musafaha, a ba da kafin alƙalami.

Dalilin jinkirta maganar kuɗi hannu a fili yake. Idan ɗan sari ya ambace ta tun farko, ta shige cikin farashin farko, ba ta ƙara sayo masa komai. Haka ma manomi mai wayo ba ya bari a gane yana cikin matsi. Yakan nuna rudunsa da ya gyara, ko da a ransa ba ya da niyyar zuba ko buhu ɗaya a ciki.

Yau ba lalle ne a ɗauko kuɗin a jaka ba. Kamfanonin tura kuɗi irin su NITA da Al Izza da Amana sun sa abokin ciniki da ke Yamai ko wani gari zai iya turo kuɗi a karɓa a ranar. Wannan ya sauƙaƙa alƙawarin biyan gaggawa, amma bai cire sharaɗinsa ba: a wurin manomi, kuɗin da bai ƙirga ba bai zo ba.

Farashin mako uku

A tsaya a kan bambancin jika 15 da jika 16, domin a nan ne ake ganin tsadar lokaci. Manomin da ya karɓi 15 yau maimakon 16 bayan mako uku ya bar jika ɗaya a kan kowace 15. Wannan ya kusa kashi 7 cikin 100 a kwana 21, wato abin da ya haura kashi 9 a wata.

A kwatanta da ƙa'idar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, inda tun 2014 aka ƙayyade wa ƙananan cibiyoyin ba da lamuni kashi 24 cikin 100 a shekara a matsayin iyakar abin da za su ɗora, wato kashi 2 a wata. Ke nan abin da manomi ke sadaukarwa don ya karɓi kuɗinsa da wuri ya ninka wannan fiye da sau huɗu.

Mai kallo daga nesa zai ce an cuce shi. Amma jikar nan ba lokaci kaɗai take saya ba. Tana sayen kuɓuta daga haɗarin hanya, da na ruɓewa, da na abokin cinikin da zai kashe waya. Idan a cikin fatake 15 da ke ɗaukar bashi guda ɗaya kacal ya gaza biya gaba ɗaya, wannan ya cinye ƙarin jika ɗai-ɗai da aka ɗora wa sauran. Wanda ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS bayan juyin mulki ya rufe iyakoki, motocin albasa masu zuwa Ghana suka maƙale a iyakar Benin kayan na ruɓewa a ciki, ba zai yi mamakin manomin da ya zaɓi 15 a hannu ba. Duk wanda ya ba da kayansa bashi a waɗannan kwanaki, ya shiga asarar da ba shi ya tuƙa motar ba.

A ɓangaren ɗan sari, wannan lissafi na nufin biyan gaggawa na da riba mai kauri, muddin kuɗin nasa ne kuma ba su da wani aiki mafi riba a mako ukun. Idan kuwa ranto su ya yi daga wani uban gida da zai raba riba da shi, ko kuma biyan ya ƙwace masa kuɗin mota da na duwan da na hanya, to yana iya samun ragin jika ɗaya a Galmi ya rasa biyu a Kumasi, saboda zai isa babu ko sisi, dole ya sayar wa wanda ya fara tayawa. Abin da ya yi wa manomi shi za a yi masa.

Akwai kuma maganar kuɗin da aka yi ciniki da shi. Ƙonni na kallon garin Illela na jihar Sakkwato ne a tsallaken iyaka, wanda bai kamata a haɗa shi da Illela ta jihar Tawa ba, kuma a kasuwannin yankin naira da sefa duka suna yawo. Sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, ita kuwa naira ta yi mummunar faɗuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Bashin da aka ƙulla da naira yana iya ramewa kafin ranar biya, don haka mai kaya kan nemi ko dai a yanke da sefa, ko a biya nan take, ko a ƙara masa sosai. Mai saye daga Najeriya da ya canza kuɗinsa tun kafin ya zo yana da bakin magana fiye da wanda zai ce a jira shi.

Inda ragin sari ke zubewa

Ragi na biyu, na kwashe kaya duka, ya fi na farko tarko.

A misalin da ake kai, ɗan sari ya samu jika 14 maimakon 15. A buhu 300, ya tsira da jika 300 a takarda. Amma jika 15 farashin tasha ne, na kayan da aka riga aka kawo aka kuma tsince. Jika 14 farashin bakin garka ne. Yanzu ɗauko kayan zuwa inda mota take ya koma kansa. A ce amalanke ko ƙaramar mota na cin sefa 300 a kan buhu: jika 90 sun tafi, saura 210.

Kuɗin da ya kashe gaba ɗaya ya zama jika 4,290. Da ya je tasha da wannan kuɗi, da ya sayi zaɓaɓɓen buhu 286. Ma'ana, tazarar da ke tsakaninsa da faɗuwa buhu 14 ce kacal a cikin 300. Idan abin da za a zubar, ruɓaɓɓe da mai rauni da ƙananan da kasuwar can ba ta so, ya wuce buhu 14, wato ƙasa da buhu ɗaya a kowane 20, ragin ya ƙare. Idan ya kai ɗaya cikin goma, buhun da ya saya 14 ya tsaya masa kusan jika 16.

Kuma kwashe duka na nufin duka. Manomi ya yarda da ragin ne daidai saboda ba za a tsince masu kyau a bar masa kwantai ba. Nan ne sanin kaya ke raba ɗan sari da ɗan koyo. Albasar da aka ɗura wa takin zamani fiye da kima takan yi girma da kyan gani, amma ruwa ne a cikinta, ba ta jure tafiya. Wadda aka yi wa ban ruwa har dab da cira, ko aka cire kafin ganyenta ya kwanta, wuyanta kan kasance kauri da danshi, kuma ta nan ruɓa ke shiga. Wadda aka bari a rana tsirara ɓawonta kan ƙone ta yi laushi a gefe guda. Alamar mai kyau ita ce siririn wuya busasshe, ɓawo mai ƙara idan an taɓa, da nauyi a hannu ba tare da laushi ba. Ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu, a cikin mota mai zafi ta kwana da kwanaki, ba ita kaɗai za ta isa a ruɓe ba.

Saboda haka masu hankali kan sa sharaɗi a cikin cinikin tun kafin sallama: yaransu ne za su cika buhu, kuma abin da ya ruɓe a fili ba ya shiga. Manomi zai ce to ba duka aka kwashe ba ke nan, a mayar masa da wani abu. Sau da yawa ainihin cinikin a nan yake, ba a kan jika 14 ba.

Hula: ragin da ba a furtawa

Ana sayar da albasa da buhu ne, ba da sikeli ba, kuma buhu ba ma'auni ba ne tsayayye. Wanda ake lodawa zuwa ƙasashen gaɓar teku yakan haura kilo 100, wani ya wuce haka nesa, gwargwadon faɗin buhun da tsayin hular da aka ɗinka masa.

A lissafa. Buhun jika 15 mai kilo 125, kowane kilo ya tsaya sefa 120. Idan ɗan sari ya kawo nasa buhun da nasa masu cikawa suka tula har kilo 140 a kan jika 15 ɗin, kilo ya sauko sefa 107. Ya samu ragin da ya wuce kashi 10 cikin 100 ba tare da ya taya ko dala ƙasa ba. Haka kuma abin ke juyawa: idan manomi ya sallama a jika 14 amma shi ya cika buhun ya tsaya a kilo 110, kilo ya kama sefa 127. Ɗan sari ya tafi yana murnar ragi, alhali ya saya da tsada fiye da farashin tasha.

Wannan ne ya sa tambayar wa zai kawo buhu, wa zai cika, ta fi tambayar nawa ne nauyi. Ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ƙasa, ANFO, da hukumomi sun daɗe suna ƙoƙarin a koma ga ƙananan buhunan raga masu nauyi sananne da kuma sayarwa a cibiyoyin ciniki da aka tanada, amma babban buhu mai hula bai bar bakin hanya ba. Dalili ɗaya shi ne yawancin kuɗaɗen da ake biya a hanya, daga dako zuwa la'ada, a kan buhu ake lissafa su, don haka duk kilon da aka ƙara a cikin hula yana tafiya kusan kyauta. Masu dakon da ke ɗaga shi a wuya su ne ba a tambayar ra'ayinsu.

Abin da malamai ke bambancewa

Da yake kusan duk masu wannan ciniki Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, akwai wata iyaka da ta shafi ragin biyan gaggawa kai tsaye, kuma ba kowa ya san inda ta ratsa ba.

Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na kuɗi hannu, da sharaɗin a tsayar da ɗaya kafin a rabu. Manomi na iya cewa 15 yau ko 16 bayan mako uku, amma dole a tashi an san wanne aka ɗauka. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a tafi da kaya magana na lilo tsakanin biyun.

Matsalar ta fi fitowa idan bashi ya riga ya tabbata. A ce an ƙulla a kan 16 zuwa mako uku, bayan mako ɗaya mai saye ya kira ya ce yana da kuɗi, a yafe masa jika ɗaya ya biya yanzu. Wannan shi ne abin da littattafan fiƙihu ke kira rage ka gaggauta, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan yankin, ta hana shi, kamar yadda mafi yawan malaman mazhabobi suka tafi a kai. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi idan ba a sharɗanta tun farko ba kuma babu mutum na uku a tsakani. Ɗan kasuwar da ke son kauce wa saɓanin, hanyarsa ita ce ya nemi raginsa tun a wurin ƙulla ciniki.

Akwai kuma masu biya tun albasa na ƙasa, su bai wa manomi kuɗin taki da mai a kan zai ba su buhu kaza a girbi. Wannan shi ne ragi mafi zurfi da ake samu, kuma shi ne mafi yawan jawo rigima. A fiƙihu yana da gurbi, wato salam, amma da sharuɗɗa: a san yawa, a san siffa, a san lokaci, kuma kada a ɗaure shi ga amfanin wata garka guda. Buhun da ba a san nauyinsa ba tun farko ya raunana sharaɗin farko.

Lokacin da yawa ke zama rauni

Duk wannan dabara tana aiki ne idan kaya sun fi masu saye yawa. Ba ko'ina haka take ba, ko a cikin jihar Tawa. Siminti, wanda ake yi a Malbaza da Badagishiri, kaya ne da masu yin sa ba su da yawa masu nemansa kuma suke da yawa, kuma a watan Oktoban 2024 gwamnati ta shiga tsakani ta rage farashinsa da kashi 35 cikin 100. Inda hukuma ta yanke farashi kuma mai kaya ba ya tsoron ruɓewa, filin taya ƙanƙane ne.

Ita kanta albasa tana da irin wannan lokaci. Ko a tsakiyar girbi, babbar buƙata na iya juya wa mai ita. Ɗan sarin da ke neman buhu 300 da wuya ya same su a hannun mutum ɗaya. Zai haɗa daga manoma uku ko biyar ko fiye. Da zarar labari ya bazu cewa akwai mota tsaye da ba ta cika ba, lissafi ya sauya. Direba na ƙirga kwanaki, buhunan da aka riga aka loda suna dahuwa a rana, kuma kowa ya san mai motar ba zai tashi da gurbin buhu 40 ba, tunda kuɗin mota ɗaya ne ko ta cika ko ba ta cika ba. Buhunan ƙarshe su ne mafiya tsada. Idan ya biya jika 16 a kan 40 ɗin nan maimakon 14, jika 80 sun fita daga cikin 210 da yake taƙama da su.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar kan gama sayen kaya kafin su kira mota, su kuma raba sayen a hannun dillalai biyu ko uku ba tare da kowa ya san jimillar abin da ake nema ba. Ga manomi guda, sukan nuna yawa don su samu ragi. Ga kasuwa baki ɗaya, sukan ɓoye shi.

Daga watan Oktoba zuwa Disamba kuwa, lokacin da rudu ya kusa ƙarewa kuma sabuwar albasa ba ta wadata ba, magana ta koma hannun mai kaya. Wanda ya iya riƙe buhu 50 har zuwa lokacin ba ya cikin matsi, kuma duk wanda ya zo wurinsa da kuɗi a hannu yake zuwa, don haka kuɗi hannu ba ya sayen ragi, sharaɗin shiga layi ne kawai. Wanda ya ce zai kwashe duka ma ba ya burge shi, domin ya fi son ya sayar goma yau ya ga abin da kasuwar mako mai zuwa za ta yi. A wannan lokaci ɗan sarin da ke samun kaya shi ne wanda ya biya a kan lokaci a watan Afrilu, bai kuma tula hula har ta ɓata rai ba. Shi dillali ke fara kira idan an buɗe rudu.